Ledar Magungunan Baba Ta Rikita Mu: Wanne Zai Sha, Wanne Zai Bari?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ɗan shekara 71 ne, yana da hawan jini da ciwon suga. Mako uku ke nan da sallamo shi daga asibiti, inda ya kwanta saboda ciwon zuciya, ruwa ya taru masa a ƙirji da ƙafafu. Tun da ya dawo yake jin jiri idan ya miƙe, ga busasshen tarin da ya daɗe yana fama da shi bai tafi ba. Na zazzage ledar magungunansa, kaina ya ɗaure. A takardar sallama an rubuta losartan 50 mg, furosemide 40 mg, bisoprolol 2.5 mg da metformin 500 mg. A leda kuma na tarar da Zestoretic 20 da Lasix 40 mg na tsohon likitansa, da timolol na ɗigawa a ido, da Cataflam, da wata ambulan ta fararen ƙwayoyi babu rubutu a jiki. Bisoprolol kuwa ban gan shi ba sam. Mama ce ke ba shi magani, da launi take gane su, kuma da na yi tambaya sai ta ce na raina kulawarta. Yayanmu, wanda shi ke saye, ya ce a bi sabuwar takarda a zubar da sauran. Ina tsoron kada mu cutar da shi da hannunmu. Ta ina zan fara?

Daga wata 'ya mai damuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Tsoron nan naki yana da tushe, kuma zan fara da abin da ba zai jira ba. Jirin dattijo mai ciwon zuciya, ga irin sunayen da kika lissafa, magana ce ta yau ko gobe, kada a bari sai ranar komawa asibiti. Ki nemi ganin likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa ya suma, ko ya faɗi, ko ya fara ruɗewa, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ko numfashi ya yi masa wuya, ko leɓe da harshe suka kumbura, to ba a tsayawa rubuta komai, a ɗauke shi da ledar gaba ɗaya a nufi sashen gaggawa. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, aikin da zan kwatanta miki na yamma guda ne, kuma shi zai sa ganin likitan ya yi amfani.

Abin da za ki rubuta shi ne abin da Baba yake haɗiya da gaske, ba abin da takardu suka ce ya kamata ya haɗiya ba. Takardar sallama tana faɗin nufin likitan asibiti. Tsohuwar takarda tana faɗin nufin likitan da ya gabata. Leda tana nuna abin da aka saya. Babu ɗaya cikin ukun da ya san abin da ke shiga cikin Baba da safe, wannan Mama da shi kansa Baba ne kawai suka sani. Shi ya sa a wannan aiki ba a dogara da majiya guda, ana haɗa aƙalla biyu a ga inda suka saɓa. Kuma saɓanin nan shi ake nema. Jerin da ya fito tsaf babu alamar tambaya ko ɗaya, daga leda irin taku, ni ba zan yarda da shi ba.

Ki fara da tattarawa. Ledar da kika zazzage kaɗan ce daga abin da ke gidan. Ki duba gefen gadonsa, aljihun rigunansa, jakar Mama, firji, da duk inda ake ajiye abin da ba a son ya ɓata. Ki haɗo har da abubuwan da mutane ba sa lissafawa cikin magani: na ɗigawa a ido ko kunne, man shafawa, abin shaƙa, allura, sirof ɗin tari, maganin mura, ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarin kuzari, da duk wani jiƙo ko garin ganye da wani ya kawo don tausayi. Ki shimfiɗa su a wuri mai haske, kowanne a mazubinsa na asali. Kada ki juye wani cikin kwalbar wani, kada ki ɓalle ƙwaya daga sacet, domin sunan da ƙarfin a jikin mazubin suke.

Daga nan ki sami takarda mai faɗi, ki ba kowane magani layi guda. Abu na farko a layin shi ne sunan sinadarin da ke ciki, wanda galibi ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban sunan da kamfani ya raɗa. Ki rubuta na sinadarin tukuna, na kamfanin ya biyo baya. Sai ƙarfin ƙwaya ɗaya, sai abin da takarda ta ce, sai yadda ake sha a zahiri, sai ciwon da aka bayar dominsa, sai wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta. Ki bar fili a ƙarshen layin don tambaya. Idan kin ga wasu baƙaƙe bayan suna, irin su SR ko XR ko MR, ki kwafe su yadda suke, domin suna nufin ƙwayar tana sakin maganinta a hankali, ba a daka ta, ba a tauna ta, kuma ba ɗaya take da mai suna iri ɗaya da babu baƙaƙen ba. Gajerun rubutun likitoci kuma ki mayar da su magana: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, nocte da dare, prn idan buƙata ta taso. Ki guji rubuta "1 x 2", domin wani zai karanta ƙwaya ɗaya sau biyu, wani ƙwaya biyu sau ɗaya. Ki rubuta "ƙwaya ɗaya da safe, ƙwaya ɗaya da yamma".

Da kin bi wannan ƙa'idar ta sunan sinadari, matsala ta farko za ta fito da kanta. Lasix sunan kamfani ne na furosemide. Magani ɗaya ne, mai sa fitsari don rage ruwa a jiki. Likitan asibiti ya rubuta 40 mg, kuma idan Mama tana ɗauko ɗaya daga tsohon kwali ɗaya daga sabo, 80 mg Baba yake sha kullum ba tare da kowa ya nufa ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsotse ruwan jikinsa fiye da kima, jininsa ya sauka, ya ji jiri idan ya miƙe. Layi ɗaya za su samu a takardarki, da bayanin cewa kwali biyu ne a gida.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, domin sunayen ba su yi kama ba ko kaɗan. Zestoretic ƙwaya ɗaya ce mai magani biyu a ciki: lisinopril 20 mg da hydrochlorothiazide 12.5 mg. Ki duba kwalin don tabbatar da lambobin, kuma ki ba kowanne layinsa. Lisinopril da losartan ba sinadari ɗaya ba ne, amma hanya ɗaya suke bi wajen sauke jini, kuma ba a saba haɗa su ba, domin haɗin yana iya wahalar da ƙoda ya kuma ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, wanda yawansa ke rikita bugun zuciya. An san lisinopril da jawo busasshen tari, kuma idan tarin ya dami majinyaci, abin da likitoci suka saba yi shi ne su cire shi su sa losartan ko ɗan'uwansa a madadinsa. Saboda haka zato mafi ƙarfi shi ne losartan ya zo ne ya maye gurbin Zestoretic, ba ya zauna tare da shi ba. Shi kuma hydrochlorothiazide wani mai sa fitsari ne, wato ƙari a kan furosemide. Amma ki lura, zato na ce. Tarin ba hujja ba ce cewa har yanzu yana shan tsohon, domin yakan ɗauki makonni kafin ya lafa bayan an daina, wani lokaci har wata uku, kuma mai ciwon zuciya yana iya tari saboda ruwa a huhu. A layin nan ki rubuta: "Babu a takardar sallama. An dakatar ne, losartan ya maye gurbinsa?"

Yanzu ki dubi timolol. Shi ma babu shi a takardar sallama, kamar Zestoretic, amma labarinsa daban ne. Ana ba da shi don rage matsin da ke cikin ido, ciwon da ke cinye gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma galibi magani ne na dogon lokaci. Mai yiwuwa likitan zuciya bai ma san da shi ba, domin ba a cika tuna maganin ido idan an tambayi majinyaci abin da yake sha. Kin ga magunguna biyu da takarda ta yi shiru a kansu: ɗaya da alama da gangan aka cire shi, ɗaya da alama mantawa aka yi. A nan shawarar Yaya take da giɓi. Da an zubar da duk abin da ba ya cikin sabuwar takarda, da an zubar da abin da ke kare idon Baba. Akwai kuma dalili na biyu da zai sa timolol ya shiga jerin. Ko da a ido ake ɗiga shi, wani ɓangare yana shiga jini, kuma dangin bisoprolol ne, dukansu suna rage saurin bugun zuciya. Wannan ba ya nufin ba a taɓa haɗa su, yana nufin dole mai rubuta ɗayan ya san da ɗayan.

Shi bisoprolol ɗin kuma matsalarsa ta juya: yana takarda, ba ya leda. Ki tambayi Yaya cikin natsuwa ko ba a samu ba ne ranar, ko an saya ya ƙare, ko an ba da shi da wani suna na kamfani, misali Concor, yana nan a gabanki ba ki gane shi ba. Amsar tana da muhimmanci. Idan bai taɓa sha ba tun sallama, kada ku sayo ku fara yau a kan jirin da yake ciki, ku bari likita ya faɗi lokacin farawa. Idan kuwa yana sha ya yanke kwatsam 'yan kwanakin nan, ki faɗa wa likita a ranar, domin irin wannan magani ba a son a katse shi lokaci guda.

Cataflam shi ne wanda zan fi tsayawa a kansa. Sinadarinsa diclofenac ne, maganin ciwon jiki da gaɓoɓi, kuma tunda babu shi a kowace takarda, wani ne ya sayo, watakila Baba da kansa. Magungunan wannan dangi, har da ibuprofen da naproxen, suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, wato suna warware aikin da furosemide ke yi, kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Haɗuwar irinsu da mai sa fitsari da losartan ko lisinopril sanannen haɗi ne da ke iya durƙusar da ƙoda, musamman a jikin tsoho. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar kada masu raunin zuciya irin wanda ke tara ruwa su yi amfani da diclofenac. Wannan kam ki ajiye shi gefe tun yau, babu haɗari a dakatar da shi. Sai dai kada ki ƙwace ki yi shiru. Mutum ba ya shan maganin ciwo don nishaɗi, akwai inda ke yi masa zafi, kuma in ba a ba shi madadi ba zai nemo wani a ɓoye. Ki sa ciwon cikin tambayoyin da za ki kai. Sau da yawa paracetamol ake komawa, amma likita ya faɗi adadin da ya dace da shi, kuma a duba kada ya zama akwai shi a cikin maganin mura da yake sha.

Ambulan mara rubutu ba sai mun daɗe a kanta ba. Fararen ƙwayoyi masu kama da juna ba su ƙidayuwa, kuma launi da siffa suna canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Kada a sha, kada a yi hasashe, ki rubuta "ba a san ko mene ne ba", ki tafi da ita. Ki dai tambaya ko Baba yana sha daga ciki, da tun yaushe, da inda aka samo ta, domin inda aka bayar suna iya duba rajistarsu.

Duk wannan karatun kwali ne. Sashen da ya fi wuya shi ne gurbin "yadda ake sha a zahiri", kuma Mama ce ke riƙe da amsarsa. Ki fahimci matsayinta. Ta daɗe tana wannan hidima, kuma dabararta ta launi ta yi aiki a lokacin da magungunan ba su da yawa kuma ba sa canzawa. Ba ita ta ruguza tsarin ba. An sallamo mata miji da sababbin kwalaye, ga tsofaffi a gida, kuma da wuya a ce wani ya zauna ya nuna mata wanda ya fita da wanda ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2017 don rage cutarwar da ke zuwa ta hanyar magani, ta sa wannan gaɓa ta sauyin hannu, kamar daga asibiti zuwa gida, cikin wurare uku da ta fi mayar da hankali a kansu. Matsalar sananniya ce, ba ta gidanku kaɗai ba. Idan kika tambaye ta "Kina ba shi daidai kuwa?" me za ta ce in ba e ba? Kuma ranta zai ɓaci. Ki ce mata, "Mama, likita zai tambaye ni, ni kuma ban sani ba, ke kika sani. Nuna mini abin da kika ba shi yau da safe." Ki bar ta ta ɗauko da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ke kina rubutawa, ba gyara, ba zaro ido. Gani ya kori ji. Mafi kyau ma ki kasance a wurin gobe da safe lokacin da ake bayarwa. Sannan ki zauna da Baba shi kaɗai, ki tambaye shi wanne yake tsallakewa da dalili. Da yawa sukan bar mai sa fitsari ranar da za su fita, wasu sukan raba ƙwaya biyu don ta daɗe. Ki nuna masa ba ƙara za ki kai ba.

Akwai shaida ta uku da ba ta jin kunyar kowa, wato ƙirga ƙwayoyi. A ce ranar sallama an ba da furosemide 28, ana shan ɗaya kullum. Bayan kwana 21 ya kamata 7 su rage. Idan kin tarar da 7, kuma Mama ta nuna miki tana ɗaukowa daga kwalin Lasix ma, to ninkin ya tabbata. Idan kin tarar da 28 cif, tsohon kwali kawai ake amfani da shi, babu ninki, sai a nemi dalilin jirin a wani layin. Haka metformin: idan takarda ta ce sau biyu a rana kuma an ba da 56, ya kamata 14 su rage. In kin ga 35, sau ɗaya ake sha. Ƙirgar tana da iyaka, domin ƙwaya tana faɗuwa, ana sayo ƙari a tsakani, wani lokaci ma ana sammawa wani. Ki ɗauke ta a matsayin abin da zai ta da tambaya, kada ki yanke wa kowa hukunci da ita.

A saman takardar ki rubuta sunan Baba, shekarunsa, cututtukansa, ranar da kika yi jerin, da duk maganin da ya taɓa ƙin jininsa tare da abin da ya faru, ƙuraje ne, kumburi ne, amai ne. "Ba ya shirya da wani magani" ba ya taimakon kowa. Idan kuna da abin awon jini a gida, ki auna shi bayan ya kwanta kamar minti biyar, sannan ki sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku, wani yana tsaye kusa da shi. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, wannan ita ce faɗuwar jini ta miƙewa, ki rubuta lambobin da bugun zuciyarsa. Ki auna sugansa ma lokacin da jirin ya zo, ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ya yi ƙasa.

Abin da ba naki ba shi ne yanke hukuncin ƙarshe. Naki shi ne ki kai gaskiyar da tambayoyin. Kafin ki samu ganin likita, abu uku ne za ki iya yi da kanki: ajiye Cataflam, ajiye ambulan, da tabbatar da cewa furosemide daga kwali ɗaya kawai yake fitowa, a adadin da takardar sallama ta faɗa. Maganar Zestoretic da losartan kuwa, idan kin tabbatar yana shan duka biyun, ki kira likita a ranar kafin shan na gaba, kada ki jira layin asibiti. Idan kun je, ki tafi da takardar da ledar tare, ki bi layi bayan layi, kowane magani a ba shi ɗaya cikin hukunci uku: a ci gaba, a canza, ko a daina, tare da dalili. Ki nemi mai duba shi ya rubuta da hannunsa ya sa kwanan wata. Ki kuma tambaya ko za a yi gwajin jini na ƙoda da fotasiyam, domin bayan irin wannan cakuɗe shi ne zai nuna ko an taɓa ƙodar, kuma sakamakonsa yana shafar metformin, wanda ake rage shi ko a dakatar idan ƙoda ta yi rauni.

Idan ganin likitan da ya sallame shi ya gagara, mai haɗa magunguna mai lasisi zai iya tantance sunaye da ninki nan take, ya kuma gaya miki wanne ne ba zai jira ba, ko da yake canza takarda aikin likita ne. Idan kuma ba za ki iya zuwa da kanki ba, ki ɗauki hoton gaba da bayan kowane kwali da na takardun, ki ba wanda zai raka shi. Ni da so samu ne, Yaya ya kamata ya je tare da ke. Yana da gaskiya a rabin maganarsa, domin bai dace tsofaffin kwalaye su ci gaba da zama kusa da sababbi ba, a lokaci kawai ya yi gaggawa. Ki ce masa kin yarda za a kawar da su, amma bayan an tantance. Kuma tunda shi ke saye, shi ne zai fi amfana: da jerin a wayarsa zai riƙa tambaya da sunan sinadari da ƙarfinsa, kuma in an ba shi kwali mai sabon launi zai san ya sanar da Mama kafin ya ajiye mata.

Bayan an tantance, ki sake kwafe jeri mai tsabta wanda ke ɗauke da abin da za a ci gaba da sha kawai, a tsara shi bisa lokaci, na safe tare, na yamma tare. A ƙasa ki bar ɗan sashe na waɗanda aka daina, da rana da dalili, misali lisinopril saboda tari idan likita ya tabbatar, don kada wani likita nan gaba ya sake rubuta shi cikin rashin sani. Waɗanda aka daina da waɗanda wa'adinsu ya wuce a fitar da su daga ɗakin gaba ɗaya, a mayar wa mai haɗa magunguna ya faɗi yadda za a zubar, kada a zuba a masai. Mama kuma kada a karɓe aikin daga hannunta. Ki yi wa kowane kwali alamar da za ta gane, hoton rana ga na safe, na wata ga na dare, ko ku sami akwatin nan mai gidajen kwana bakwai, ke da ita ku riƙa cika shi tare sau ɗaya a mako daga jerin. Ki dai tambaya tukuna ko akwai ƙwayar da ba a son a ciro daga sacet ɗinta da wuri saboda danshi, kuma ki tuna maganin ido ba ya shiga akwatin, sai an yi masa tasa alamar.

Kwafi ɗaya ya zauna tare da magungunan, ɗaya a jakar da ake zuwa asibiti da ita, hotonsa kuma a wayarki da ta Yaya. Mutum ɗaya ne zai riƙa gyara shi, kuma ina ganin ke ce. Duk ranar da wani likita ya ƙara ko ya rage wani abu, har da likitan ido ko na haƙori, ki nuna masa jerin kafin ya rubuta, ki tambaye shi, "Wannan ƙari ne, ko madadin wani ne?" Sannan ki gyara a ranar, ki sa sabon kwanan wata, ki yaga tsohon kwafin. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ki gaishe mini da Mama.